Tsaya wa Ɗan Kasuwa a Banki: Ina Iyakar Nauyin Garanto?

Duk kamfanin da ya nemi rance a banki a Najeriya, da wuya ya fito da kuɗi ba tare da an ce ya kawo wanda zai tsaya masa ba. Wani lokaci mai kamfanin da kansa ake sa wa takardar a gaba, wani lokaci kuma yayansa, ko surukinsa, ko abokin kasuwancinsa. Galibi ana gabatar da ita a ƙarshen zama, bayan an gaji da cike-ciken fom, a ce masa ai ƙa'ida ce kawai. Mutane da yawa suna sa hannu da tunanin shaida suke bayarwa cewa sun san mai cin bashin kuma mutumin kirki ne. A idon doka kuwa alkawarin biya suka ɗauka, kuma girman alkawarin yana cikin kalmomin takardar, komai aka faɗa musu da baki.

Dalilin da ya sa banki ke nacewa a kan garanto yana cikin yadda doka ta ɗauki kamfani. Kamfanin da aka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, mai iyakantaccen alhaki, mutum ne mai zaman kansa a shari'a. Bashinsa nasa ne, kuma idan ya durƙushe, ba a bin gidan mai shi ko motarsa. Takardar garanto ita ke cire wannan kariya. Da zarar darakta ya sa mata hannu da sunansa, dukiyarsa ta kansa ta shiga cikin abin da za a iya bi. Wanda kuwa sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, dama shi da shagonsa abu ɗaya ne, bashin a wuyansa yake tun farko.

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan jama'armu, kuma tana da tushe. A fiƙihun Malikiyya, asali shi ne ba a neman wanda ya yi lamuni matuƙar mai cin bashin yana nan kuma yana da abin biya, sai in an gindaya sharaɗin akasin haka. Takardun banki suna gindaya wannan sharaɗin ne dalla-dalla. Kotun Ƙoli ta Najeriya ma ta sha yanke hukunci cewa da zarar mai cin bashi ya kasa biya, banki na iya kai ƙarar garanto kai tsaye, ba sai ya fara da kamfanin ba, ba kuma sai ya haɗa su a ƙara ɗaya ba. Haka nan ba a tilasta masa ya fara sayar da injinan da aka jinginar, in dai takardar ba ta ce haka ba. Banki zai duba wanda ya fi sauƙin kamawa, kuma sau da yawa shi ne mai albashi ko mai gida a unguwa mai daraja.

Mu ɗauki misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce wani kamfanin casar shinkafa a Kano ya karɓi rancen naira miliyan 20 don sayen shanshera a lokacin kaka, da kuɗin ruwa kashi 30 cikin 100 a shekara. Ƙanen mai kamfanin, wanda ke da shagon atamfa a Kantin Kwari, shi ya tsaya. Kamfanin ya yi ta biya har saura miliyan 8. Ganin yana biya, sai bankin ya ƙara masa wani rancen na miliyan 15 don sayen janareta, ba tare da an sanar da ƙanen ba. Daga nan kasuwa ta juya, biya ya tsaya cak har shekara guda. Uwar kuɗin da ake bin kamfanin yanzu miliyan 23 ce. Ruwan shekara ɗaya a kanta miliyan 6.9 ne, a ce kuma kuɗin lauya da na bin bashi sun ci miliyan 1.5. Jimla miliyan 31.4 ke nan, tun ma ba a sa tarar jinkiri ba.

Nawa ne a wuyan mai shagon atamfa? Amsar ta danganta da irin takardar da ya sa wa hannu. Idan ta ambaci rancen farko shi kaɗai, da ranarsa da adadinsa, to abin da ya rage na wannan rancen ne nasa: miliyan 8 da ruwanta miliyan 2.4, wato miliyan 10.4. Rancen janareta bai shafe shi ba.

Idan kuwa ta ce ya tsaya wa duk abin da ake bin kamfanin amma kada ya wuce miliyan 20, to biyan da aka yi a baya bai rage masa komai ba. Iyakar tana aiki ne a kan abin da ya rage ranar da aka neme shi, kuma tunda abin ya haura miliyan 20, cikakkiyar miliyan 20 za a nema a hannunsa. A nan ma sai a karanta abin da ya biyo bayan adadin, domin takardu da yawa suna cewa miliyan kaza “tare da ruwa da kuɗin shari'a”. Wannan ƙarin yana hawa ne a saman iyakar, kuma yana ci gaba da ƙaruwa muddin ana jan ƙafa a kotu.

Nau'i na uku shi ne wanda bankuna suka fi so: tsayawa ga duk kuɗin da ake bin kamfanin yanzu ko nan gaba, ta kowace fuska, babu iyaka. A ƙarƙashinsa, mutumin da aka gaya wa miliyan 20, ya kuma ji labarin saura miliyan 8, zai karɓi wasiƙar neman miliyan 31.4.

Bayan adadi sai lokaci. Yawancin waɗannan takardu suna bayyana kansu a matsayin lamuni mai ɗorewa, ma'ana ba ya mutuwa don an biya rancen farko. Darakta zai iya sayar da hannun jarinsa, ya bar kamfanin, ya koma wata sana'a, amma sa hannunsa na nan a durowar banki yana ɗauke da bashin da waɗanda suka gaje shi za su ci. Hanyar fita ita ce rubuta wa bankin sanarwar janyewa, bisa wa'adin da takardar ta tanada. Janyewar tana tsayar da sabon bashi ne kawai. Abin da aka riga aka ci kafin wa'adin ya cika yana nan a kansa. Mutuwa ma ba ta goge shi: banki na iya neman haƙƙinsa daga dukiyar mamaci, kuma kowa ya san bashi ake fara fitarwa kafin rabon gado.

Haka abin yake idan mutum uku suka tsaya tare. Kowannensu yakan ɗauka kashi ɗaya cikin uku ne nasa, alhali takardar kan ce sun tsaya a haɗe kuma ɗaya-ɗaya. Banki na da damar karɓar duka daga mutum guda, shi kuma ya je ya bi sauran biyun su ba shi rabonsu.

Doka ba ta bar garanto haka kawai ba. Tilas lamuni ya kasance a rubuce da sa hannunsa kafin kotu ta tilasta shi, don haka faɗa wa manaja a waya cewa “ku ba shi, na san shi” bai isa ba. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida cewa idan banki da mai cin bashi suka sauya sharuɗɗan rancen sauyi mai nauyi, ko aka ƙulla ƙarin wa'adi, ba da yardar garanto ba, to ya kuɓuta. Idan bankin ya saki kadarar da aka jinginar, nauyinsa kan ragu ko ya faɗi. Sai dai lauyoyin banki sun san wannan sarai, shi ya sa ake cusa sakin layi da ke cewa garanto ya amince tun yanzu da duk wani sauyi, ya kuma yarda a ɗauke shi tamkar shi ne ya ci bashin. Wanda ya sa hannu a kan wannan ya mayar da yawancin kariyarsa da hannunsa. Abin da kan rage masa shi ne ya tabbatar an yaudare shi, ko an tursasa shi, ko sa hannun jabu ne, kuma a kotu hujja ake nema.

Yana da kyau a san inda ikon bankin ya tsaya. Lamuni kaɗai ba jingina ba ne. Idan garanto bai ba da takardun gidansa ba, banki ba zai wayi gari ya sa gidan a kasuwa ba. Sai ya aiko da wasiƙar neman biya, ya shigar da ƙara, ya samu hukunci, sannan ya nemi kotu ta riƙe kuɗin da ke asusunsa ko ta sa a kwashi kayansa, gida da fili kuma su ne na ƙarshe. Bashi kuma ba laifi ba ne da za a tsare mutum a kansa: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Amma a kula da cek. Wasu masu ba da rance suna karɓar cek mai kwanan wata na gaba daga garanto, kuma bayar da cek da aka mayar don babu kuɗi laifi ne a dokar 1977, mai hukuncin ɗaurin shekara 2. Ta wannan ƙofar ce rigimar bashi kan rikiɗe ta koma ofishin 'yan sanda.

Garanton da ya biya yana da haƙƙin bin kamfanin kuɗinsa, kuma idan ya biya bashin gaba ɗaya yana gadon matsayin bankin a kan kadarorin da aka jinginar. Matsalar ita ce kamfanin da ya kasa biyan banki da wuya a samu abin kirki a hannunsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ciniki na gaske kafin sa hannu ake yin sa, lokacin da bankin ke son rancen ya fita. Mutum ya karɓi takardar ya kai wa lauyansa, kada ya dogara da na banki ko na mai cin bashin. Ya nemi a rubuta rance guda da adadinsa, a sa iyaka da ta haɗa ruwa da kuɗin shari'a a cikinta, a sa ranar ƙarewa, a kuma wajabta sanar da shi da zarar an tsallake biya ko za a ƙara wani rance. Kada ya sa hannu a fom ɗin da aka bar gurbin adadi babu komai. Banki na iya ƙin wasu daga cikin waɗannan, amma ƙin nasa ma ya nuna wa mutum girman abin da ake so ya ɗauka. Ranar da aka gama biya kuma, ya nemi wasiƙar sallama mai ɗauke da sunansa, ya karɓo cek ɗinsa da duk takardun da ya ajiye, domin har sai ya riƙe wannan wasiƙa a hannu, a littafin banki shi garanto ne.