Kunne ke Fara Koyo, Sannan Baki ya Biyo

Shekarun baya wata tsohuwar ɗalibata ta zo mini gida rai a ɓace. Ta je ganawar neman aikin karanta labarai da Turanci a wani gidan rediyo, aka ba ta takarda ta karanta, kafin ta kai layi na uku aka ce ya isa. Takardar shaidar karatunta ba ta da aibi, nahawunta kuma daidai yake. Abin da ya kayar da ita shi ne duk inda ta ga p sai ta furta f, wani lokaci kuma ta juya, f ta koma p. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ita a kunnenta daidai ta faɗa.

Wannan magana tata ita ce bakin zaren. Mun saba ɗora laifin a kan harshe da leɓɓa, alhali kuwa a kunne matsalar take farawa. Masana harshe sun nuna cewa kafin jariri ya cika shekara guda kunnensa ya fara karkata ga sautukan harshen da ake yi a gidansu, yana watsar da bambancin da ba shi da amfani a cikinsa. Mu kanmu shaida ne. Sau nawa muka yi dariyar mai koyon Hausa da ya kasa raba baki da baƙi, ko bari da ɓari? Ba kurma ba ne, harshensa ne bai koya masa sauraron wannan bambanci ba. To, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A Hausa sauti guda muke da shi a wurin da Turanci yake da biyu. Harafin da muke rubutawa f, da leɓɓa biyu muke furta shi, kamar mai hura wuta. Wani ya matse leɓɓan har ya yi kusa da p, Basakkwace kuma ya ce hwara inda Bakano zai ce fara, ma'ana ba ta sauya ba. Shi ya sa muka ari kalmomi muka mayar da su fensir, famfo, fasfo da fetur, dukkansu kuwa da p suka fara a gidansu. Haka v ta koma b a direba da talabijin. A cikin Hausa waɗannan kalmomi daidai suke, babu mai gyara su. Amma a Turanci pull ja ne, full kuwa cikakke. Pan kasko ne, fan fanka. Copy kwafe ne, coffee gahawa.

Da kunne na fara da ɗalibar nan. Na rubuta kalmomi 20 daga irin waɗannan tagwaye, na sa ta juya mini baya don kada ta ga bakina, ina faɗa tana rubuta p ko f. Ta ci 11. Ta ɗauka ta yi rabin ƙoƙari, sai na nuna mata cewa wanda ya toshe kunnensa ya yi ta canke ma zai iya cin 10, tun da zaɓi biyu ne kawai. Ke nan ba ta jin bambancin ko kaɗan. Muka yi yarjejeniya: minti goma kowace rana, a gaya mata amsa nan take bayan kowace kalma, kuma ba za mu ce kunne ya samu ba sai ta ci 18 kwana uku a jere.

Akwai sharuɗɗa biyu a nan. Na farko, mai faɗar kalmomin ya zama shi kansa yana rarrabewa, in ba haka ba makaho ne ke jan makaho. Wanda bai sami irin wannan mutum ba ya nemi ƙamus na waya mai furta kalmomi, ya sa wani ya riƙa danna masa. Na biyu, a riƙa sauya murya. A 1991 Logan da Lively da Pisoni sun wallafa bincikensu a kan Japanawa masu fama da r da l na Turanci, inda suka horar da su da muryoyin mutane daban-daban, aikin da ya biyo baya kuma ya nuna cewa wanda ya saba da murya guda yakan rikice idan ya ji baƙuwa.

Da kunne ya fara buɗewa sai muka koma kan baki, muka ɗauko madubi. Wajen furta f ta Turanci, haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa kurɗawa, leɓen sama kuwa ba ruwansa. Idan ba ka ga haƙoranka a madubi ba, f ɗin Hausa ka yi. Wanda leɓensa na sama ya ƙi zama, ya ɗaga shi da yatsa har ya saba. Duk wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya mallaki wannan sauti, domin mafitar fa'un Larabci ke nan: cikin leɓen ƙasa da kan haƙoran gaba na sama. Ɗalibar tawa mahaddaciya ce, da na faɗa mata haka sai ta yi dariya, ta ce ashe abin nema yana cikin jaka.

Ita kuwa p, leɓɓa biyu ake rufewa ruf, a tare iska, a sake ta gaba ɗaya. Riƙe siririyar takarda kusa da bakinka ka ce pan. Ya kamata ta yi tsalle sau ɗaya. Ga kuma gwaji mafi sauƙi: f tana jawuwa muddin kana da numfashi, p ba ta jawuwa. Idan ka iya jan sautin farko na pull, to full ka faɗa. Sai dai a kula, bayan s, kamar a spin, wannan iska takan ragu ƙwarai, don haka kada a yi gwajin takarda da irin wannan kalma. Wanda ya sami f ya sami v a ɓagas: baki yana nan yadda yake, murya kawai za a ƙara. Ɗora yatsa a maƙogwaro ka ja fan, sannan van, za ka ji rawar a ta biyun tun daga farkonta.

A mako na uku wata sabuwar matsala ta ɓullo. Don tsoron f, sai ta fara ce wa fish da p. Wannan zarce gona da iri alama ce cewa baki ya sami sautin amma bai san gidan kowanne ba tukuna. Maganinsa shi ne ɗaukar murya. Ta riƙa karanta jimloli biyar masu haɗa sautukan biyu a waya, ta bar su su kwana, washegari ta saurara da biro a hannu. Mutum ba ya jin kuskurensa yayin da yake magana, amma yakan kama shi idan ya dawo masa kamar muryar wani. Na kuma gargaɗe ta game da tarkon rubutu: ph a phone f ce, f a of kuma v ce.

Bayan kimanin wata biyu tana karanta takarda ba tuntuɓe, amma idan hira ta yi zafi tsohon hali yakan leƙo. Ban ɓoye mata ba cewa wannan sai a hankali, kuma ba za ta koma Baturiya ba, ba ma shi muke nema ba. Karin harshenta na Hausa yana nan, babu wanda ya ce ta yar da shi. Abin da muka gyara shi ne inda mai sauraro zai ji wata kalma ba wadda ta nufa ba. Ranar da ta dawo ta ce mini, “Malam, yanzu har ina jin masu yin kuskuren a rediyo,” na san kunnen ya gama nasa aikin, saura na baki.