Barasa da Maganin Hawan Jini: Dalilin Jiri da Suma

Barasa na yi wa ƙarfin gudun jini aiki iri biyu masu karo da juna. A sa'o'in farko bayan an sha ta, tana saukar da jini, musamman idan an sha da yawa, kuma saukar kan kai sa'o'i 12. Daga nan sai lamarin ya juya, jinin ya hau ya wuce inda yake tun farko. Mai lafiyar da ba ya shan kowane magani ba lalle ne ya lura da wannan hawa da sauka ba. Amma mai shan ƙwayoyin hawan jini yana tsakanin haɗari biyu: da dare barasa ta haɗu da magani su saukar da jininsa fiye da kima har ya faɗi, a tsawon watanni kuma ta hana maganin cin jikinsa.

Abin da ke faruwa idan mutum ya miƙe tsaye

Duk lokacin da mutum ya tashi daga kwance ko zaune, jinin da ya kai rabin lita ko fiye yakan gangara zuwa ƙafafu da ciki. Akwai wasu ƙananan jijiyoyi masu lura da ƙarfin jini a wuya da kuma kusa da zuciya. Da sun ji ya ragu sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, nan take jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara sauri, jini ya ci gaba da isa kai. Duk wannan yana kammaluwa cikin daƙiƙu kaɗan, shi ya sa mai lafiya ke tashi zumbur ba tare da ya ji komai ba.

Barasa tana raunana wannan tsari ta hanya uku. Tana buɗe jijiyoyin jini, wanda shi ne ɗumin da mashayi ke ji a fatarsa. Tana kuma hana su tsukewa da sauri a lokacin da jiki ya buƙaci haka. Sannan tana danne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, ruwan jiki ya ragu. Idan jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa na daƙiƙu kaɗan, mutum zai ji jiri, ganinsa ya dushe, kunnuwa su yi ƙara, gumi ya keto masa. Idan abin ya ɗan jima sai ya suma. A asibiti ana cewa jini ya faɗi da tsayuwa idan lambar sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa ta ragu da 10, cikin minti uku da miƙewa.

Yadda kowane irin magani ke haɗuwa da barasa

Ƙwayoyin hawan jini ba iri ɗaya suke aiki ba, amma kowannensu yana taɓa ɗaya daga cikin hanyoyin da jiki ke kare kansa da su. Amlodifin da nifedifin, waɗanda ake yawan rubutawa a asibitocin Najeriya da Nijar, aikinsu buɗe jijiyoyin jini ne, wato abin da barasa ma take yi. Lisinofiril da losatan suna hana jiki amfani da wani sinadari mai tsuke jijiyoyi, kuma illarsu ta fi bayyana idan ruwan jiki ya yi ƙasa, domin a lokacin ne jiki ya fi dogara da wannan sinadari.

Ƙwayoyin fitsari, irin su Moduretik da Lasis, suna fitar da ruwa da gishiri ta ƙoda. Idan barasa ta ƙara nata fitsarin a kai, ko aka yi amai, jiki na iya bushewa cikin dare ɗaya, ma'aunin gishirin jini kuma ya rikice. Atenolol da danginsa suna rage saurin zuciya, saboda haka ba za ta iya hanzartawa yadda ya kamata ba a lokacin da jini ya faɗi. Aldomet kuwa ta ƙwaƙwalwa yake aiki, da ma can yana kawo barci da kasala, barasa kuma tana ninka su. Doksazosin da makamantansa, waɗanda ake ba maza masu wahalar fitsari saboda kumburin ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara, sun fi sauran suna wajen kawo jiri a tsaye. Haɗarin yana ƙaruwa idan aka haɗa da maganin ƙarfin maza irin su Bayagira, domin shi ma yana buɗe jijiyoyin jini.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki mutum mai shekara 58 da ke shan amlodifin miligiram 10 da ƙwayar fitsari kowace safiya. Jininsa kan tsaya wajen 130 bisa 80. Wata rana cikin zafin watan Afrilu ya wuni a kasuwa yana gumi, bai sha ruwa sosai ba, bai kuma ci abin kirki ba. Da dare ya sha manyan kwalaben giya biyu. Babbar kwalba tana ɗauke da mililita 600, kuma idan ƙarfin giyar kashi 5 cikin 100 ne, akwai tsantsar barasa mililita 30 a cikinta, wato kimanin giram 24. Ma'aunin da ake yawan lissafi da shi giram 10 ne, don haka kwalabe biyu sun kusa ma'auni biyar.

Ya kwanta wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ƙarfe biyu na dare fitsari ya tashe shi. A kwance jininsa na iya zama 112 bisa 70, ba ya jin komai. Ya miƙe da sauri daga shimfiɗa mai ɗumi, jijiyoyinsa a buɗe, ruwan jikinsa ya ragu, sai jinin ya sauka zuwa wajen 85 bisa 55. Ya lallaba ya isa banɗaki, ya tsaya yana fitsari. Ita ma cikakkiyar mafitsara idan ta zube a lokaci ɗaya tana ƙara saukar da jini. Sai duhu ya rufe masa ido, ya yanke jiki ya faɗi. Kwanciyar da ya yi a ƙasa ta sa jini ya koma kai, ya farfaɗo cikin ƙasa da minti ɗaya, amma goshinsa ya bugi gefen siminti.

Washegari da rana aka kai shi wurin awo, aka sami jinin 150 bisa 95, domin barasar ta shiga zangonta na biyu. Idan bai faɗi abin da ya sha ba, ma'aikacin lafiya na iya ɗauka cewa maganin ne ya yi kaɗan, ya ƙara masa ƙarfi ko ya haɗa masa da wani. Ranar da ya sake sha, faɗuwar za ta fi ta farko muni. A ƙasar Hausa, inda Musulunci ya haramta giya kuma shan ta abin kunya ne, mai sha yakan ɓoye wa kowa har da likitansa, ɓoyewar kuwa ita ce ke kai ga wannan kuskure. Likita na da haƙƙin riƙe sirrin majinyaci, kuma ba zai iya daidaita magani ba sai ya san gaskiya. Burukutu da fito da bammi da ogogoro duk barasa ne, kuma ba a san takamaiman ƙarfinsu ba. Haka nan wasu jiƙe-jiƙen saiwoyi masu ɗaci da ake sayarwa a ƙananan kwalabe da sunan maganin basir ko na ƙarfin jiki, da barasa ake jiƙa su, mai saye kuma ba koyaushe yake sani ba.

Kuskuren tsallake magani

Wasu kan bar ƙwayarsu ranar da suke shirin sha, suna ganin haka ya raba su da haɗari. Wannan dabara ba ta aiki. Amlodifin yana daɗewa a jiki, sai bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu rabinsa ke fita, don haka tsallake shi na yini ɗaya ba ya hana jiri. Su kuma atenolol da danginsa, idan aka bar su ba zato, zuciya na iya yin gudu, jini ya hau da ƙarfi, mai ciwon zuciya ya kamu da ciwon ƙirji. Ƙari a kan haka, lokacin da maganin ya yi rauni a jiki ya kan zo daidai da lokacin da barasa ke tayar da jini.

Shan yau da gobe yana ɗaga jini a kai a kai, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa hawan jini ya ƙi jin magani. Labari mai daɗi shi ne abin yana gyaruwa. Waɗanda ke shan ma'auni shida ko fiye a rana, idan suka rage rabi, lambar sama takan sauka da kimanin 5. Sai dai wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum bai kamata ya daina a rana ɗaya shi kaɗai ba, domin yankewar na iya kawo karkarwa, hauhawar jini, ruɗewa da jijjiga. Irin wannan mutum yana buƙatar kulawar asibiti yayin dainawa.

Abin yi idan jiri ya zo ko an suma

Wanda ya ji jiri ya zauna ko ya kwanta nan take, kada ya yi ƙoƙarin ƙarasawa inda ya nufa. Da dare ya fara zama a bakin gado na minti ɗaya ko biyu yana motsa ƙafafu kafin ya miƙe, ya kuma yi fitsari a tsugune ko a zaune, sannan ya tashi a hankali. Tuƙin mota ko babur, hawa tsani da wanka da ruwa mai zafi duk abin gudu ne a irin wannan hali.

Wanda ya suma a kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa a kan matashi ko kujera, a sassauta masa tufafi. Kada a zaunar da shi, kada kuma a ɗura masa ruwa ko madara kafin ya farfaɗo sarai, domin suna iya bin hanyar numfashi. Idan yana amai ko bai dawo hayyacinsa ba amma yana numfashi, a juya shi ya kwanta ta gefe. A garzaya asibiti idan sumar ta wuce minti ɗaya ko biyu, ko ya bugu a ka, ko yana ciwon ƙirji, ko zuciyarsa na bugawa ba bisa tsari ba. Karkacewar baki, sarƙewar harshe da mutuwar hannu ko ƙafa alamu ne na shanyewar ɓarin jiki, kuma sau da yawa akan ɗauka maye ne a bar mutum ya kwana a haka. Mai ciwon suga ma yana buƙatar a gwada sugansa, domin barasa na iya saukar da shi, atenolol kuma na iya ɓoye faɗuwar gaba da karkarwar da kan yi masa gargaɗi.

Ko da mutum ya farfaɗo lafiya, suma ta farko a kan maganin hawan jini dalili ce ta ganin likita cikin kwana ɗaya ko biyu. A je da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya, a faɗi irin abin da aka sha da yawansa da lokacinsa, a kuma nemi a auna jini a kwance sannan a tsaye. Da waɗannan ne likita zai yanke shawarar rage magani, sauya shi ko canja lokacin shansa.