Kiran Ƙarfe Biyun Dare: Yadda Otal Ke Amsa Wa Baƙon da Ƙofa ta Rufe Masa

A yawancin manyan otal-otal akwai takarda a ajiye kusa da wayar teburin karɓar baƙi, ɗauke da kalaman da ma'aikacin dare zai yi amfani da su idan an kira shi da wata matsala. Ɗaya daga cikin kiran da aka fi samu bayan sha biyun dare shi ne na baƙon da ya kasa shiga ɗakinsa. Wani ya leƙo ya ajiye farantin abinci a bakin ƙofa, iska ta turo ta ta rufe. Wani ya dawo daga biki ya tarar katinsa ya daina aiki. Ana rubuta kalaman ne tun da rana, saboda a wannan lokacin manaja ya tafi gida, ma'aikaci ɗaya ne a kan tebur, kuma barci yana ɗibarsa.

Aiki biyu kalaman ke yi, kuma ba sa jituwa da sauƙi. Na farko, su kwantar da hankalin mutumin da ke tsaye a baranda, wataƙila ba takalmi. Na biyu, su hana ɗaki buɗuwa ga wanda ba shi ne mai shi ba. Murya a waya ba shaida ba ce. Duk wanda ya ji sunan baƙo a ɗakin cin abinci, ko ya ga lambar ƙofar da ya shiga, zai iya ɗaga waya ya maimaita su. Don haka a waya ana tara bayani ne a kuma yi alkawari; tabbatar da mutum kuwa sai ido da ido.

Farkon magana gajere ne. Ma'aikaci yana ɗagawa kafin wayar ta yi ƙara uku, ya faɗi inda aka samu da sunansa: "Barka da dare, teburin karɓar baƙi ne, Musa ke magana." Idan baƙon ya faɗi abin da ya faru, amsar farko ba tambayar shaida ba ce. Ana cewa: "Sannu, ranka ya daɗe, yanzu za a duba. Kana lafiya dai? Akwai wani a cikin ɗakin?" Ga mace kuma: "Sannu, Hajiya, a ina kike tsaye yanzu?" Wannan tambaya ce ke raba kira kashi biyu. Idan akwai jariri shi kaɗai a ciki, ko maganin asma ko allurar ciwon suga da ake bukata nan take, ko famfo na zuba, ko dutsen guga a kunne, to an fita daga batun ɓatan kati. Mai gadi da mai riƙe da babban makulli su nufi wurin a take, tabbatarwa ta biyo baya a bakin ƙofa.

Idan babu gaggawa, sai tambaya ta biyu: "Ranka ya daɗe, wane suna aka rubuta a rajista, kuma wace lamba ce ɗakin?" Tsarin jimlar da gangan ne. Baƙo ne ke faɗin suna da lamba, ma'aikaci yana duba kwamfuta ko littafin rajista cikin shiru. Ba ya cewa "Alhaji wane na 214 ko?", domin da wannan ya ba mai kira amsar da ya kamata a nema daga bakinsa. Idan mai kira ya san suna amma ya manta lamba, abin da ke faruwa da gaske ga wanda ya sauka da yamma a gajiye, ba a karanta masa lambar a waya. Ana gayyatarsa ya sauko, in an tabbatar da shi a rubuta masa ita a takarda.

Otal-otal sun koyi wannan da tsada. A shekarar 2016 wata kotu a Nashville ta Amurka ta yanke diyyar dala miliyan 55 ga Erin Andrews, mai gabatar da labarin wasanni a talabijin, bayan wani mutum ya gano ɗakin da ta sauka a 2008, ya kama na kusa da ita, ya ɗauki hotonta a ɓoye. An ɗora wa masu otal ɗin da masu gudanar da shi kusan rabin kuɗin. Ba ƙofa aka buɗe masa ba. Lambar ɗaki kawai ya samu.

Tambaya ta uku ta shafi kwaɗon: "Katin yana hannunka? Idan ka kara shi, wace wuta ke kamawa?" Launukan suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa kowane otal ke rubuta ma'anar nasa a gefen takardar, amma a mafi yawansu kore na nufin an karɓa, ja na nufin an ƙi. Jar wuta tana da dalilai sanannu. Ana saita kati ne ya mutu a ranar tafiya, galibi da sha biyun rana, saboda haka wanda ya ƙara kwana ɗaya ba a sabunta masa kati ba zai dawo da dare ya tarar da ƙofa ta ƙi shi. Katin mai baƙin layi a baya kuma yana gogewa idan ya haɗu da maganaɗisu, irin wanda ke bakin jakar hannu. Idan babu wutar da ta kama ko kaɗan, to zargi ya koma kan batir. Kwaɗon kati da batir yake aiki, sau da yawa guda huɗu irin na agogon bango, don haka ɗauke wuta ko mutuwar janareto ba su da hannu a ciki, ko da yake baƙi kan fara ɗora laifin a kansu. Sabon kati ba zai yi wa mataccen batir komai ba. A nan sai na'urar da ake jonawa daga waje ta ba kwaɗon wuta na ɗan lokaci, ko makullin ƙarfe na gaggawa. Amfanin yin wannan tambaya a waya shi ne kada a sa mutum ya sauko bene uku ya karɓi kati, ya koma, ya tarar ba a nan matsalar take ba.

Akwai dalili na huɗu wanda ya fi sauran nauyi: an sa sakata daga ciki. Katin baƙo ba ya buɗe ƙofar da aka danna wa sakata, kuma sakata ba ta danna kanta. Ma'anarta akwai mutum a ɗakin, wanda ko dai barci yake yi, ko kuma ba ya son a shigo.

Ga yadda abin ke tafiya idan komai ya zo da sauƙi. Ƙarfe 1:40 na dare, wani ɗan kasuwa ya kira daga wayar baranda ta hawa na biyu a wani otal a Kano. Ya faɗi suna da lamba 214, sun yi daidai da rajista. Babu kowa a ciki. Katin yana kan tebur a ɗaki tare da walat ɗinsa, wato katin shaidarsa ma yana ciki. Ma'aikacin ya ce: "To, ranka ya daɗe, tsaya nan inda kake. Mai gadinmu, Malam Sani, zai iso cikin minti biyar, yana sanye da yunifom. Zai buɗe, sai ka nuna masa katin shaidarka a bakin ƙofa. Haka muke yi wa kowa, don kada wani ya shiga ɗakinka da sunanka." Jimlar ƙarshen nan ta fi kowace rage faɗa, domin ta nuna wa baƙon cewa dokar tasa ce. Faɗin minti biyar ma ya fi "yanzun nan", wanda kowa ya san ba shi da iyaka. Kafin mai gadi ya isa, ma'aikaci ya shirya abin da za a tambaya daga rajista: ranar sauka, yadda aka biya, lambar wayar da aka bayar. Mai gadi ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, baƙon ya ɗauko katin ɗan ƙasa, aka gwada fuska da suna. Ƙarfe 1:52 an rubuta komai a littafin dare: lokaci, ɗaki, wanda ya buɗe, da shaidar da aka gani.

Da katin ɓata ya yi a gari, da maganar ta canza a wuri ɗaya. Na'urar yin kati tana ba da zaɓi biyu: kwafi ko sabo. Kwafi yana aiki tare da tsohon. Sabon kati kuwa, a yawancin kwaɗuna, da zarar an kara shi a ƙofa yana kashe duk na baya. Wanda ya ɓatar da nasa sabo ake yi masa, a kuma gaya masa cewa na abokin kwanansa ma zai mutu, in ba haka ba kira na biyu yana nan tafe da asuba.

Wuri mafi wuya a takardar shi ne na mai kiran da sunansa ba ya cikin rajista. Mutum ya ce shi mijin mai ɗakin ne, ko ƙaninta, ko direban Alhaji da aka aiko ɗauko jaka. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗi, kuma kunya kan sa ma'aikaci matashi ya kasa musa wa babban mutum. Saboda wannan kunyar ce aka rubuta masa amsar tun da wuri, don ta zama maganar otal ba tasa ba: "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba mu da izinin buɗe ɗaki sai ga wanda sunansa ke rubuce. Idan ka ba ni saƙo, zan duba ko akwai wanda zan isar wa." Amsar ba ta ce matar tana otal ɗin ba, ba ta kuma ce ba ta nan ba. Daga nan ma'aikaci ya kira ɗakin ta wani layi. Idan mai ɗakin ta ce a bar shi ya hau, a ƙara sunansa a rajista, a ga shaidarsa. Idan ta ce a'a, ko ba a ɗaga ba, ƙofa tana nan a rufe, komai ɗaga murya. Ko da sunayen biyu na cikin rajista, idan an sa sakata kuma na ciki ya ƙi buɗewa, ma'aikacin dare ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Yana tayar da manajan da ke bakin kira, a ba na waje wurin zama ko wani ɗaki kafin gari ya waye. Babban makulli ba ya fitowa a irin wannan hali sai idan akwai alamar cewa ran na ciki yana cikin haɗari, kuma mutum biyu ne ke zuwa, ba ɗaya ba.

Ƙananan masaukai masu makullin ƙarfe suna bin wannan tsari, sai dai bambanci ɗaya: makullin da ya ɓata ba ya mutuwa. Mafita a daren ita ce a sauya wa baƙon ɗaki, da safe a canza kwaɗon.

Layin ƙarshe a takardar kira ne da otal ke yi da kansa, kamar minti biyar bayan an buɗe: "Ranka ya daɗe, an shiga lafiya? Akwai abin da ake bukata?" Ana yin sa ta wayar ɗaki, ba ta salula ba, don ya tabbatar cewa mutumin yana ciki. Idan an makara har rabin awa ta wuce, sai a bar shi ya yi barci, a bar wa masu aikin safe rubutu su canza batir ko su gyara ranar katin.