Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Aiki

A Zango, unguwar fatake ta Damagaram, an saba ƙulla aiki da baki. Amma kamfanoni da ƙungiyoyi da takarda suke ɗaukar ma'aikaci, kuma da Faransanci ake rubuta ta, ko da yake tun shekarar 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Wanda aka fassara wa kwantaragi ya sani cewa takardar da ya sa wa hannu ita za a duba ranar rigima. Don haka ya gwada fassarar da ta asali a wurare uku.

Na farko albashi. Mu a kasuwa da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma, kuma dala ɗaya tamma biyar ce. Saboda haka a nemi adadin da lambobi. A ce an ɗauki saurayi tsaron sito a kan sefa 60,000, wato jika sittin. Ya tambaya: kafin yanka ne ko bayan yanka? In kafin yanka ne, asusun CNSS zai ɗebi kashi 5.25 cikin ɗari, sefa 3,150 ke nan, saura 56,850, ban da harajin albashi. Ko yaya aka yi ciniki, tun Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta sefa 42,000 ne a wata.

Na biyu lokacin gwaji. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta ce sai an rubuta shi. In babu shi a takarda, to babu gwaji. A kwantaragi marar wa'adi, gwajin wanda aka ɗauka cikin ƙasa ba ya wuce wata shida, har da sabuntawa. Cikin wannan lokaci ana biyan albashi, amma kowane ɓangare na iya janyewa ba tare da sanarwa ko diyya ba. Mai barin wani aiki don wannan ya yi lissafi tukuna.

Na uku sallama. A duba ko kwantaragin mai wa'adi ne ko marar wa'adi, domin fassarar da ta ce "aiki" kawai ta ɓoye bambancin. Mai wa'adi yana ƙarewa ranar da aka rubuta, kuma ba a katse shi kafin nan sai da yardar juna, ko babban laifi, ko larurar da ta fi ƙarfin kowa. Marar wa'adi kuwa, in gwaji ya wuce, ba a korar mutum sai da dalili karɓaɓɓe da sanarwa a rubuce, sai fa in babban laifi ya yi, wanda ke kawar da wa'adin sanarwa.

Idan lambobi ko ranaku sun saɓa tsakanin takardun biyu, dakata. Kai su ofishin sufeton ƙwadago na Damagaram a karanta maka, sannan in ka sa hannu ka riƙe kwafinka.