Wutsiyar "sya" a Rashanci: Inda Take Aiki da Inda Take Ɓata Magana

Duk wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Mosko zai ji murya tana shela kafin a tashi daga kowace tasha: "Ostorojno, dveri zakrivayutsya", wato a yi hattara, ƙofofi suna rufewa. Kalmar ƙarshe ta ƙare da ɗafa-ƙeyar "sya", wadda Rashawa ke rubutawa -ся. Asalinta wakilin suna ne mai ma'anar "kai", kamar a "ya wanke kansa", amma da tafiya ta yi tafiya sai ta manne a ƙarshen aikatau. Idan ta biyo bayan wasali takan gajarce ta koma "s" kaɗai, a rubuce -сь.

Ayyukanta suna da yawa. "On moyetsya" na nufin yana wanka. "Oni vstrecayutsya" na nufin suna haɗuwa da juna. "Sobaka kusayetsya" kuwa gargaɗi ne cewa karen nan yana cizo, halinsa ke nan. Akwai ma aikatau irin su "smeyatsya", yin dariya, da "boyatsya", jin tsoro, waɗanda ba a taɓa ganinsu babu wutsiyar.

Aikin da ya fi rikita ɗalibai shi ne na jimlar da ke sa abin da aka yi wa aiki a gaba, irin "the bridge is being built" ta Ingilishi. Wanda ya zo wa Rashanci ta hanyar Ingilishi yakan ɗauka duk irin wannan jimla "sya" za a liƙa mata a wuce. Haƙiƙa sai ta haye tambayoyi biyu kafin ta cancanta.

Tambaya ta farko ita ce: aikin ya kammala ko yana gudana? Yawancin aikatan Rashanci tagwaye ne. Ɗaya na nuna aiki mai gudana ko mai maimaituwa, ɗayan na nuna aikin da ya kai ƙarshe. Gini, alal misali, "stroit" ne idan ana cikinsa, "postroit" idan an gama. Ƙa'idar ita ce, "sya" mai wannan ma'ana tana tafiya ne da na farkon kawai.

A ɗauki labarin gada guda, a jimloli uku. "The bridge is being built" aiki ne mai gudana, don haka fassararta "most stroitsya". "The bridge was being built for two years" ita ma tsawon aikin take bayyanawa, sai ta zama "most stroilsya dva goda". Amma "the bridge was built in two years" tana cewa gada ta kammalu, mutane na hawa. A nan wutsiyar ba ta da gurbi. Barashe zai ɗauko wata siga ta aikatau mai kama da siffa, ya haɗa ta da kalmar "ya kasance", ya ce "most bil postroyen za dva goda". Haka ake ba da tarihin birnin da Sarki Bitrus na Ɗaya ya kafa: "Sankt-Peterburg bil osnovan v 1703 godu", an kafa shi a shekarar 1703. Kafa birni abu ne da aka yi aka gama.

Ingilishi yakan ɓoye wannan bambanci, domin "was built" ɗaya na iya ɗaukar ma'anonin biyu. Abin da ke tona asiri shi ne kalmomin lokaci da ke kewaye. In an ga "kullum", "duk shekara", "yanzu haka" ko "tsawon wata kaza", aiki ne mai gudana ko mai maimaituwa, "sya" ta samu shiga. Shi ya sa ta cika takardun hukuma da allunan talla: "dokumenti prinimayutsya do pyatnitsi", ana karɓar takardu har zuwa Juma'a, ko "prodayotsya kvartira", ana sayar da gida. Ɗalibi ma da ita yake tambayar malami "kak eto pishetsya?", yaya ake rubuta wannan?

Me zai faru idan aka liƙa ta a aikatau mai nuna kammala? Sau da yawa jimlar ba ta lalacewa, ma'anarta ce ke sauyawa, kuma nan haɗarin yake. "Dver otkrilas" jimla ce lafiyayya, sai dai tana nufin ƙofa ta buɗe, ko iska ce, ko haka kawai. Babu hannun kowa a ciki. Mai fassara rahoton ɓarna da ya mai da "the door was opened" zuwa "dver otkrilas" ya wanke ɓarawo tas, alhali jimlar Ingilishin na cewa wani ne ya buɗe.

Tambaya ta biyu ita ce: abin da aka yi wa aikin mai rai ne? Gada ba ta iya gina kanta, don haka mai sauraro ba ya ruɗewa. Yaro kuwa yana iya wanke kansa. Wanda ya fassara "the child is being washed" da "rebyonok moyetsya" ya ce yaro yana wanka da kansa, ba ana yi masa ba. Tsohuwar ma'anar "kai" takan farfaɗo idan ta haɗu da mutum ko dabba, musamman a ayyukan jiki irin su wanka, sa tufafi da aski.

Mafitar a nan Bahaushe ya riga ya san ta daga harshensa. Rashanci yana da jimla marar mai aiki, wadda ake sa aikatau a sigar "su" ba tare da an ambaci su wane ne ba, daidai da "an" da "ana" na Hausa. "Rebyonka moyut" shi ne ana yi wa yaro wanka. "Dver otkrili" shi ne an buɗe ƙofa. "Mne skazali" shi ne an gaya mini, kuma ita ce fassarar "I was told" da Rashawa ke yi, domin a wurinsu wanda aka gaya wa magana ba ya zama jigon jimla. A hirar yau da kullum wannan siga ta fi yawa, har ga gadar ma: "most stroyat", ana gina gada. Ɗalibin da ya fara mai da jimlar Ingilishi zuwa Hausa a ransa, ya ji ko "an buɗe" ce ko "ta buɗe", ya rage wa kansa rabin wahala.

Saura batun ambaton mai aikin, inda Ingilishi ke sa "by". Rashanci ba ya sa wata kalma, ƙarshen sunan yake canzawa: "rabociye", ma'aikata, ta koma "rabocimi" a "most stroitsya rabocimi". Nahawu ya yarda da wannan, amma tana da ƙamshin takardar ofis. Da yake jerin kalmomi a Rashanci yana da sassauci, hanyar da ta fi daɗin ji ita ce a bar aikatau yadda yake, a sa abin da aka yi wa aiki a gaba, mai aikin a ƙarshe. "This letter was written by my brother" sai ta zama "eto pismo napisal moy brat": wasiƙa ce a farko, ɗan'uwa a ƙarshe inda nauyin magana yake sauka, kuma babu "sya" ko ɗaya.