Dafaffe Ko Soyayye: Ina Sitacin Doya, Rogo, Dankali Da Agade Yake Ƙaruwa?

Idan an kaɗa ƙararrawar tara, da yawanmu wajen mai suya muke nufa. Ga doya tana iyo a kasko, ga dankali an tsame a kwando, gefe kuma ga mai tallan dafaffen rogo da garin ƙuli. A irin wannan wuri ne ake yawan jin gardamar nan: wani ya ce suya tana ƙara wa doya sitaci, shi ya sa take saurin ƙosarwa, wani ya ce ai wuta ƙone sitacin take yi. Mun ɗauki gardamar mun kai ta gaban jadawalin da masana abinci suke amfani da shi, kuma amsar da muka samu tana da ɗan ban mamaki. A kowane giram 100, soyayye ya fi dafaffe kabohaidiret da nisa, amma kaskon bai ƙara ko ƙwayar sitaci ɗaya ba.

Kabohaidiret dai shi ne rukunin abincin da ya haɗa sitaci da sukari da zaren nan da hanji ba ya narkarwa. A doya da rogo da dankali, kusan duka sitaci ne. Dalilin da ya sa ake auna shi a kan giram 100 kuwa shi ne a sami ma'auni ɗaya, domin yankan doyar wata mai suya ya ninka na wata, kuma "rogo na ɗari" ba nauyi ba ne.

Daga tukunya

Mu fara da dafaffe. A jadawalin Ma'aikatar Noma ta Amurka, ɗanyar doya tana da kabohaidiret wajen giram 28 a cikin giram 100, dafaffiya kuma wajen 27. Agade, wato ayabar suyar nan da wasu ke kira filanten, yana da wajen 32 a ɗanye, 31 a dafe. Kun ga tukunya ba ta taɓa su sosai ba. Doyar da ke cikin tafasasshen ruwa ba ta da inda za ta kai nata ruwan, kuma ba ta shan na tukunya da yawa, saboda haka nauyinta kusan yana nan yadda ya shiga.

Rogo ne ya bambanta. A ɗanye shi ne sarkinsu, domin yana kai giram 36 zuwa 38. Amma a jadawalin ƙasar Burazil mai suna TACO, kuma ku tuna Burazil tana cikin yankin da rogo ya samo asali, dafaffen rogo ya sauko zuwa giram 30. Duk wanda ya taɓa ganin rogo ya dahu har ya tsage ya san dalili: ya sha ruwa ya kumbura. Sitacin yana nan, sai dai ruwa ya ƙara masa nauyi, don haka kason da ke cikin kowane giram 100 ya ragu.

Dankalin Turawa, irin wanda ake kawo mana daga Bokkos da Mangu a Filato, shi ne na baya. Kusan kashi 79 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Dafaffensa yana da wajen giram 20 a jadawalin Amurka, a na Burazil ma giram 12 kacal. Wannan tazara ba kuskuren ɗab'i ba ce. Irin dankalin da aka auna a can ba shi ne aka auna a nan ba, kuma ƙasa da lokacin girbi duk suna canja yawan ruwan da ke cikin saiwa. Mu ma mun san sabuwar doya ta damina ba ta da garin da tsohuwar da ta kwana biyu a rumbu take da shi. Saboda haka wanda ya tsaya yana musu a kan 27 ne ko 28, wahalar da kansa kawai yake yi. Abin riƙewa shi ne: a dafe, agade da rogo da doya suna kusa da juna, wajen giram 30, dankali kuma yana can ƙasa da su. Dankalin Hausa ma, duk da zaƙinsa, wajen giram 18 ne a dafe.

Abin da ke faruwa a kasko

Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma man suya yana kai digiri 170 zuwa 180. Da zarar an jefa yankan dankali ciki, ruwan da ke jikinsa sai ya zama tururi ya fito da ƙarfi. Kumfar nan da ƙarar "cuuu" da kuke ji ba man ne ke tafasa ba, ruwan dankalin ne ke gudu. In kun lura, ƙarar tana raguwa yayin da suyar ke kusa da yi, domin ruwan ya yi ƙasa. A ramukan da tururin ya bari ne mai yake shiga, galibi ma bayan an tsame, lokacin da abin ke hucewa.

Bari mu bi giram 100 na ɗanyen dankalin Turawa mu gani. A cikinsa akwai ruwa giram 79, kabohaidiret giram 17.5, sauran 3.5 kuma furotin ne da gishirin ma'adinai. A ce an yanka shi sirara an soya har ya yi ƙas-ƙas, ruwa giram 62 ya fice, mai giram 7 ya shiga. In aka ɗora a sikeli, za a ga giram 45. Kabohaidiret ɗin fa? Sitaci ba ya zama tururi, kuma ba ya narkewa a mai, shi kuma man ba shi da kabohaidiret ko kaɗan. Giram 17.5 ɗin nan suna nan. Sai dai yanzu a cikin giram 45 suke zaune, ba a cikin 100 ba. Ga lissafin:

17.5 ÷ 45 × 100 = 39

Wato giram 39 a kowane giram 100 na soyayye. Wannan ya yi daidai da abin da ke cikin jadawali, inda soyayyen dankali yake tsakanin 36 da 41. Kafin a tara giram 100 na soyayye, sai an fere ɗanye fiye da giram 200. Sirrin ke nan gaba ɗaya.

Haka abin yake ga sauran. Soyayyen rogo a jadawalin Burazil giram 50 ne. Agaden da bai nuna ba, in an soya, yana kai 49, nunanne kuma wajen 41. Ku dubi wani abu a nan: dankali da yake na baya a tukunya ya ninka a kasko har ya kamo nunannen agade, alhali rogo da agade ba su kai ga ninkawa ba. Wanda ya fi ruwa shi ya fi samun abin zubarwa. In aka matsa da suya har ruwan ya kusa ƙarewa, kamar dankalin leda mai ƙaras-ƙaras, ana haura giram 50, agaden leda kuma yana wuce 60.

Ku auna doyar da kanku

Doya ta fi daɗin gwaji domin tana da saukin samu, kuma sakamakon ya dogara ƙwarai da kaurin yanka. Ana buƙatar ƙaramin sikeli irin na ɗakin gwajin makaranta ko na masu yin kek. A fere doya ɗaya, a fitar da kashi biyu masu giram 100 kowanne, daga wuri guda, domin kan doya da gindinta ba su cika zama daidai ba. Kowane kashi yana ɗauke da kabohaidiret wajen giram 28. A dafa ɗaya, a tsane shi sosai a auna. A soya ɗayan tare da wani babba a kusa, a bari man ya tsane, shi ma a auna.

A ce dafaffiyar ta nuna 103, soyayyiyar ta nuna 70. Ta farko 28 ÷ 103 × 100, wato 27. Ta biyu 28 ÷ 70 × 100, wato 40. In kuka sake gwajin da yanka siriri, nauyin zai ƙara faɗuwa, lambar ta ƙara hawa. In kuwa soyayyiyar ta fito da nauyi kusan yadda ta shiga, to akwai matsala: ko dai man bai yi zafi ba, doyar ta jiƙe da shi, ko kuma cikinta bai dahu ba. Ku raba ta biyu ku duba. Ita ma dafaffiyar tana iya ɓata lissafi in ta dahu har ta farfashe, domin ruwan da ya yi fari-fari a tukunya sitaci ne ya zube a ciki. Kada kuma a tsoma doyar a fulawa kafin suya, don fulawa tana zuwa da nata kabohaidiret, ƙwai kuma yana ƙara nauyi. Wanda ya zaɓi yin gwajin da rogo ya kiyaye, ba a ɗanɗana shi ɗanye, musamman mai ɗaci, saboda gubar sayanaid da ke cikinsa.

To wanne ya fi nauyi a jiki?

Amsar ta dogara da yadda aka raba abincin. Idan yanka biyar na doya aka ba ku, kabohaidiret ɗinsu ɗaya ne ko an dafa ko an soya. Idan kuwa da nauyi aka raba, giram 200 na wannan da giram 200 na wancan, mai soyayyiya ya ci wajen giram 80, mai dafaffiya wajen 54. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga wanda ke da mai ciwon sukari a gida, domin in likita ya ce a auna abinci, dole a san awon na dafaffe ne ko na soyayye.

Abin da kasko yake ƙarawa da gaske shi ne mai, kuma a ganinmu nan ne ya kamata gardamar bakin makaranta ta koma. Giram ɗaya na kabohaidiret yana ba jiki kalori 4, giram ɗaya na mai yana ba da 9. Mu koma ga dankalinmu. Ya shiga kasko da kalori 77, ya sha mai giram 7, wato ƙarin kalori 63, ya fito da 140. Ɗan man da bai wuce rabin babban cokali ba ya kusa ninka ƙarfin abincin. In aka mayar da shi kan giram 100, ana samun wajen kalori 310, alhali dafaffen dankali bai kai 90 ba. Agade ma haka: wajen 116 a dafe, fiye da 300 in an soya wanda bai nuna ba.

Shi agade yana da wata dabara tasa. Yayin da yake nuna, sitacinsa yana juyewa zuwa sukari, amma jimillar kabohaidiret ba ta canjawa sosai, tunda duka biyun rukuni ɗaya suke. Shi ya sa nunanne yake saurin yin ja har ya yi baƙi a kasko alhali cikinsa na da laushi: sukarin bayansa ya riga ya ƙone kafin ruwan ciki ya gama fita, dole mai suya ta tsame shi da wuri.