Yadda Muka Duba Littafinmu Na Bakolori Kafin Ya Tafi Wurin Bugawa

Da yawanku kun ga ɗan littafin da ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta shirya a kan madatsar ruwa ta Bakolori. Shafi 24 ne, kuma mu uku muka rubuta shi: ni daga Talata Mafara, ɗaya daga Bakura, ɗaya daga Maradun. Kowa ya rubuta kashinsa a gida, muka haɗa, aka buga mana a kwamfuta. Da Malamin Hausa ya karanta shafi biyar sai ya ajiye biro ya ce, "Ku zo nan, madatsa nawa ce a littafin nan?" Muka ce ɗaya ce, Malam. Ya ce shi biyu ya gani, Bakolori da Bakalori. Kuɗin da muka tara na bugu ɗaya ne kawai, saboda haka in kuskure ya fita, ya fita ke nan. Sai aka ɗora mini aikin dubawa.

Da farko na zauna na karanta daga shafi na 1 zuwa na 24 ina neman kowane irin kuskure lokaci ɗaya. Ban kama abin kirki ba, domin labarin ne ya ja hankalina. Kuma irin wannan kuskuren ba a ganinsa a shafi ɗaya. Wanda ya ga Bakalori a shafi na 3 ba zai ce komai ba, haka muke faɗa a baki. Sai ya tuna cewa an rubuta Bakolori a shafi na 17 sannan zai gane akwai matsala, kuma kafin ya kai can ya manta.

Malam ya nuna mini dabara. Ya ce in samu takarda guda, in raba ta gida huɗu: kalmomi, kwanan wata, lambobi, manyan baƙaƙe. Duk abin da ake iya rubutawa ta hanya biyu, in rubuta shi a gidansa tare da lambar shafin da na gan shi. Sannan in karanta littafin sau huɗu, kowane karatu abu ɗaya kawai nake farauta.

A karatun farko na ƙirga Bakalori sau 19, Bakolori sau 12. Duk da haka mun zaɓi Bakolori, saboda shi ne a taswira da takardun gwamnati. Garinmu ma ya fito kala uku: Talata Mafara, Talatar Mafara da T/Mafara. Mun ɗauki na farko. Kogin da aka datse kuwa, wani ya rubuta Sokoto, wani Sakkwato, muka tsaya a kan Sakkwato tunda da Hausa muke rubutu. Sai kuma harshen gida. Mu a nan ukku muke cewa, da biyat, da shidda, amma littattafan makaranta uku, biyar da shida suke rubutawa. Mun bi na littafi. Wuri ɗaya ne ban taɓa ba, wato maganar wani tsohon manomi da muka yi hira da shi. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa ba a yi masa gyara, don haka "shekara ukku" ɗinsa tana nan yadda ya faɗe ta.

Kwanan wata shi ya fi ba ni tsoro. An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. A shafi na 4 an rubuta 1/10/1996. A shafi na 20 kuma 10/1/1996, domin abokina ya kwafo daga inda ake bin tsarin Amurka, su wata suke fara sawa kafin rana. Mu a Nijeriya rana ce a gaba, don haka duk wanda ya karanta shafi na 20 zai ɗauka 10 ga Janairu ake nufi. Kun ga an matsar da haihuwar jiharmu da kusan wata tara. Muka yanke cewa a rubuta sunan wata da baƙaƙe a ko'ina, shekara kuma da lambobinta huɗu cikakku. Inda aka sa an gama madatsar a '78, na mayar da shi 1978.

A lambobi akwai wani tarko da ban taɓa lura da shi ba. An tsara aikin noman rani na Bakolori don ya shayar da hekta 23,000. A wani shafi an rubuta haka, a wani kuma "hekta dubu ashirin da uku". Ku sake karanta shi a hankali. Yana iya zama 23,000, yana kuma iya zama 20,003, wato dubu ashirin da guda uku a kai. A baki mukan gane, amma a takarda babu wanda za a tambaya. Dokar da muka sa ita ce daga ɗaya zuwa goma a rubuta da kalmomi, daga 11 zuwa sama da lambobi, kuma a sa waƙafi a dubbai. Lambar shafi da kwanan wata ba su shiga dokar ba, kullum lambobi ne. In sifili ya yi yawa kuma sai a gajarta, kamar ruwan da madatsar ke iya ɗauka, kubik mita miliyan 450. A nan ne na kama inda aka buga 45,000,000, sifili ɗaya ya faɗi a hanya.

Manyan baƙaƙe ba su ba ni wahala sosai ba. Cikakken suna yana ɗaukar babban baƙi: Jihar Zamfara, Ƙaramar Hukumar Bakura, Kogin Sakkwato. Amma "jiharmu" ko "wani kogi" ƙarami ne. Sunayen watanni da ranaku ma babba ne, don haka Talata ta mako da Talata ta garinmu duk T babba suke so. Abin da ya yi ta kuɓucewa shi ne Ƙ babba, sau da yawa K ce ta zauna a wurinta.

Da muka koma wurin mai kwamfuta don shigar da gyara, ya nuna mini Ctrl+F, mai nemo kalma duk inda take, da Ctrl+H, mai musanya ta da wata. Bakalori 19 ɗin nan a ƙiftawar ido suka gyaru. Sai daɗi ya kwashe ni. Na ga an rubuta "kasa" babu lanƙwasa a wurare da yawa, na danna Replace All don duk su koma "ƙasa". Ashe a shafi na 9 akwai jimlar da ta ce ruwa ya kasa isa wasu gonaki, ta koma "ruwa ya ƙasa isa". Kwamfuta ba ta san kasa ta gazawa daban take da ƙasa ta noma ba. Dole muka bi su ɗaya bayan ɗaya da Find Next, kusan rabin awa, mai shagon yana ta duba agogo.

Bayan an fitar da kwafin gwaji, na ba 'yar ajinmu da ba ta taɓa ganin littafin ba, tare da takardar nan mai gida huɗu. Ta samo T/Mafara guda ɗaya a ƙarƙashin hoto, da Bakalori a bangon littafin da manyan baƙaƙe, domin bangon a wani fayil daban yake, ba mu bincika shi ba. Takardar tana manne a gefen wannan allo ga masu rubutun fitowa ta gaba. Don Allah kada a cire ta.